Wasiƙar Gayyatar Baƙo Zuwa Birtaniya: Kwana Nawa Zai Yi, Wa Zai Biya?

A gidajenmu idan yarinya ta yi cikin fari, gida take komawa goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego har ta yi arba'in, sannan a mayar da ita ɗakinta da gara. Yanzu da 'ya'yanmu suka bazu a Lesta da Manchesta da Bamingam, wasu aikin jinya, wasu karatun digiri na biyu, al'amarin ya juye. Mai ciki ba za ta iya barin aiki da asibitin da take awo ta taho Kano ba, sai dai uwar ta bi ta can. Kafin Hajiya ta taka jirgi kuwa, sai an nema mata biza, kuma cikin takardun da ake haɗawa akwai wasiƙar da ɗiyar za ta rubuta tana gayyatarta.

Mutane sun rabu biyu a kan wannan wasiƙa. Wasu sun ɗauke ta kamar ita ce bizar, da zarar ta iso sai a fara ɗinkin tafiya. Wasu kuma sun raina ta, sai su bar wa ejan ya kwafo wata tsohuwa a kwamfutarsa ya sauya suna. Duka biyun suna shan mamaki. Wasiƙar ba ta isa ta sa a ba da biza ita kaɗai ba, amma tana iya sa a hana, kuma yawanci a jimloli biyu take yin ɓarnar: wadda ta faɗi tsawon zaman baƙo, da wadda ta faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa.

Bizar da ake nema a irin wannan tafiya ita ce wadda shafin GOV.UK ya kira Standard Visitor. Tana ba mutum damar zama har wata shida, ana iya nemanta tun saura wata uku a tafi, kuma amsa takan fito cikin kamar mako uku bayan an je an ɗauki hoto da zanen yatsu a Abuja ko Legas. A watan Afrilun 2025 kuɗinta ya koma fam 127, kuma ba a mayarwa idan an ƙi. Babu wani fom na musamman da gwamnatin Birtaniya ta tanada don wasiƙar gayyata, ba a kuma buƙatar lauya ko kotu su buga mata hatimi. Takarda ce kawai da mai masauki zai rubuta da Turanci, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, a ɗora ta tare da sauran takardu.

To me jami'in biza yake nema a cikinta? Dokokin shige da fice na Birtaniya suna da sashe na baƙi, kuma sakin layi na V 4.2 shi ne ginshiƙinsa. Abin da yake so a tabbatar bai da yawa: mutum zai bar ƙasar idan ziyararsa ta ƙare, ba zai mayar da Birtaniya gidansa ta hanyar yawan zirga-zirga ba, dalilin da ya faɗa shi ne ainihin abin da zai kai shi, ba zai yi aiki ba, kuma akwai kuɗin da za su ishe shi har tikitin komawa ba tare da ya taɓa tallafin gwamnati ba. Sakin layin da ke biye, V 4.3, shi ne na mai masauki. Ya yarda wani ya ɗauki nauyin baƙo, amma da sharaɗi uku: akwai dangantaka ta gaskiya tsakaninsu, mai ɗaukar nauyin ba ya zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, kuma yana da hali da niyyar riƙe baƙon har ƙarshen zamansa. Duk wasiƙar da ta amsa waɗannan ta yi aikinta. Abin da ya wuce haka, yabon sarauta da mutanen Birtaniya, da roƙon jami'i ya dubi girman Allah, cika takarda ne kawai.

Tsawon zama

Mu Hausawa abin kunya ne mu tambayi baƙo ranar da zai tafi, balle uwa mahaifiya. Ɗiya ta kirki cewa take, "Mama, ki zo ki zauna sai kin gaji don kanki." Wannan magana ce ta waya tsakanin uwa da 'ya, kuma a nan ya kamata ta tsaya. Idan ta shiga wasiƙa da sigar "za ta zauna muddin tana so", ko "kamar wata uku zuwa shida", jami'in da ke karantawa zai ga mutumin da ba shi da ranar komawa. Mu muka ce baƙo raɓa ne, amma shi jami'in so yake a rubuta masa ranar da raɓar za ta ɗauke.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Lissafin cikinsa na kwatance ne. A ce ɗiyar ma'aikaciyar jinya ce a Lesta, tana kan bizar aiki, mijinta ma yana aiki, suna haya a gida mai ɗaki biyu. Asibiti ya ba ta ranar 17 ga Mayu a matsayin lokacin haihuwa. Uwar tsohuwar shugabar makarantar firamare ce a Kano, tana karɓar fansho, tana da shaguna biyu da take karɓar haya, maigidanta na raye, autarta tana jami'a. Abin da ake so shi ne ta iso kafin haihuwa, a yi suna da ita, ta ga arba'in. Idan aka ƙirga kwana 40 daga 17 ga Mayu, za a faɗa 26 ga Yuni. Saboda haka wasiƙar sai ta ce Hajiya za ta iso ranar 10 ga Mayu ta koma ranar 5 ga Yuli, kwana 56, wato mako takwas cif. Ga ranar zuwa, ga ranar komawa, ga kuma dalilin da ya sa aka zaɓi wannan tsawon: mako guda kafin haihuwa, kwana arba'in na al'ada, da 'yan kwanaki na rara don haihuwa kan yi jinkiri. Jami'i bai san wankan jego ba, don haka layi ɗaya da zai bayyana masa cewa a al'adar Hausawa uwa takan zauna da ɗiyarta kwana arba'in bayan haihuwa yana da amfani fiye da shafi guda na godiya.

Da yawa sukan ce, tunda bizar ta wata shida ce, me zai hana a rubuta wata shida a huta? Doka ba ta hana ba. Sai dai kowane mako da aka ƙara yana ƙara tambaya biyu. Ta farko, kuɗin ciyarwa ya ƙaru, dole asusun mai masauki ya nuna zai iya. Ta biyu ta fi nauyi: matar da ta ce tana da miji da shaguna da ɗiya a makaranta, yaya za ta bar su rabin shekara? Tsawon zaman sai ya rushe hujjar da aka kawo ta cewa tana da abin da zai dawo da ita. Idan kuma baƙon ma'aikaci ne, abin ya fi fitowa fili, domin takardar hutun ofishinsa tana ɗauke da kwanaki. Wanda aka ba hutun kwana 30, wasiƙar ɗan'uwansa kuma ta ce zai yi wata uku, ya riga ya rubuta wa jami'in dalilin ƙi da hannunsa.

Akwai wani tarko da ke zuwa bayan an yi nasara. Ko da mako takwas aka nema, bizar takan fito da wa'adin wata shida. Jika ya shiga rai, ɗiya ta koma aiki, sai a ce, "Mama, ki ƙara mana ko wata biyu ne, ai bizarki ba ta ƙare ba." Hajiya ta yi wata biyar ta dawo gida, ba ta karya doka ba. Amma ranar da za a sake nema, jami'i zai ɗauko tsohon fom ya ga an ce kwana 56, ya duba shiga da fita ya ga wata biyar, ya ce maganar mai nema da ta mai masauki ba abin dogaro ba ce. Ana hana mutane biza ta biyu a kan wannan kaɗai. Idan wani dalili na gaske ya tsawaita zaman, kamar tiyata ko rashin lafiyar jariri, a adana takardun asibiti, a kuma bayyana shi a wasiƙa ta gaba tun kafin a tambaya.

Dalilin ziyarar ma yana son a auna kalmominsa. Jagorar da jami'an biza ke aiki da ita ta yarda dangi ya zo ya taimaka da kula da yaro, matuƙar ziyarar gajera ce kuma ba ta zama aikin raino ba. Wasiƙar da ta ce uwa za ta zo ganin jikanta na fari, ta halarci suna, ta tsaya kusa da ɗiyarta a makonnin jego, tana cikin wannan iyaka. Wadda ta ce za ta zo ta riƙe jariri don uwarsa ta koma aiki ba tare da biyan kuɗin gidan raino ba, ta siffanta mai aikin da ba a biya. Ba ina cewa a ɓoye gaskiya ba. Idan ainihin shirin shi ne Hajiya ta zama mai raino na wata biyar, to shirin ne bai dace da wannan biza ba, shi ya kamata a gyara, ba lafazin wasiƙa ba.

Wa zai biya, kuma me zai biya

A nan ma karamcinmu yake ba mu matsala. "Komai a wuyana" magana ce mai daɗin ji, amma ba ta gaya wa jami'i komai ba. Fom ɗin da Hajiya za ta cike a intanet yana tambayar abubuwa dalla-dalla: nawa take samu, nawa take kashewa a wata, nawa take ganin tafiyar za ta ci, nawa za ta kashe daga aljihunta, ko akwai wanda zai biya mata, waye shi, nawa zai bayar, kuma don me. Wasiƙar gayyata ita ce ɗaya gefen wannan lissafi, kuma dole lambobin su haɗu.

Mu koma misalinmu. A ce tikitin zuwa da dawowa fam 800 ne. Abinci da zirga-zirgar cikin gari fam 70 a mako, sau takwas, fam 560. Inshorar lafiya ta tafiya fam 120. Masauki babu ƙarin kuɗi, tunda a ɗaki na biyu na gidan za ta sauka. Jimla fam 1,480, kuma ɗiyar ce za ta biya. Hajiya ita za ta biya kuɗin biza da kuɗin motar zuwa Abuja, ta kuma riƙe kwatankwacin fam 300 na tsaraba daga fanshonta. Haka za a rubuta a wasiƙa, haka kuma za a shigar a fom. Idan fom ya ce Hajiya ce za ta sayi tikiti, wasiƙa ta ce ɗiya ce, jami'in ba zai kira kowa ya sasanta ba. Yawancin masu neman wannan biza ba a ganawa da su. Takarda ce take magana da takarda.

Daga nan sai a duba ko alƙawarin ya yi daidai da hali. A ce albashin ɗiyar bayan haraji fam 2,300 ne a wata, haya fam 950, kuma tana da ajiyar fam 4,200 da ta taru sannu a hankali. Fam 1,480 daga irin wannan asusu abu ne da hankali zai ɗauka. Amma a tuna za ta tafi hutun haihuwa, albashinta zai iya raguwa a daidai lokacin ziyarar. Mai hankali sai ta faɗi haka da kanta, ta nuna ajiyar ce za ta ɗauki nauyin, ko ta haɗa da takardun albashin mijinta, shi ma ya sa hannu a wasiƙar. Kwatanta wannan da ɗalibin da ke ɗaki guda a gidan haɗaka, yana aikin sa'o'i ƙalilan a mako, asusunsa kullum yana ƙarewa kafin wata, ya rubuta cewa zai ɗauki nauyin iyayensa biyu da ƙanwarsa na wata uku don bikin kammala karatu. Niyyarsa mai kyau ce, amma wasiƙarsa ta cuci iyayen. Idan mahaifinsa ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari mai asusu mai motsi, abin da ya dace shi ne wasiƙar ta ce ga ranar biki, ga takardar jami'a, iyayena za su sauka a otal kaza na kwana goma, su za su biya wa kansu komai. Mai gayyata ba dole ne ya zama mai ɗaukar nauyi ba, kuma faɗin haka ba rashin tarbiyya ba ne.

Abin da ya fi kashe takardun mutanenmu shi ne kuɗin aro. Saura mako biyu a nemi biza, sai wani ɗan'uwa ya zuba miliyoyi a asusun Hajiya don ya yi nauyi, da sharaɗin a mayar masa bayan an gama. Jami'an biza sun ga wannan sau ba adadi. Asusun da fansho kaɗai ke shiga duk wata, kwatsam sai ga kuɗin da ya ninka fanshon shekara, ba takardar sayar da fili, ba rasit, ba bayani. Abin da zai rubuta shi ne bai gamsu kuɗin nata ne ba, daga nan kuma sai ya yi shakkar sauran bayananta. Abin takaici, a misalinmu ba a ma buƙatar wannan dabara. Tunda ɗiya ce mai biya, aikin asusun Hajiya shi ne ya nuna rayuwarta yadda take: fansho na shiga, kuɗin haya na shiga, cefane na fita. Ƙaramin asusu mai gaskiya da ya yi daidai da abin da aka rubuta a fom ya fi babba mai ƙura. Haka ma a gefen mai masauki: idan ta tura wa uwarta kuɗin tikiti, ta ambata a wasiƙa, da rana da adadi, don a san asalin kuɗin da aka gani ya shiga.

Inshorar lafiya da na sa a lissafi ba sharaɗi ba ce a bizar baƙi ta Birtaniya, amma ga dattijuwa mai hawan jini ko ciwon suga, barinta ganganci ne. A Ingila ganin likitan unguwa da sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an kwantar da baƙo, ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin da hukumar lafiyar ƙasar ta ƙayyade. Bashin asibiti da ya kai fam 500 ba a biya ba yana iya zama dalilin hana biza nan gaba.

Ga yadda jikin wasiƙar zai kasance idan aka faɗe shi da Hausa, kafin a zuba shi cikin Turanci:

"Ni ce wance, an haife ni ranar kaza, ina zaune a adireshi kaza a Lesta, ina aikin jinya a asibiti kaza bisa bizar aiki da za ta ƙare ranar kaza. Ina gayyatar mahaifiyata wance, mai fasfo lamba kaza, ta ziyarce ni daga 10 ga Mayu zuwa 5 ga Yuli, kwana 56. Ina sa ran haihuwar ɗana na fari ranar 17 ga Mayu, kuma a al'adarmu uwa takan kasance tare da ɗiyarta a bikin suna da kwana arba'in na bayan haihuwa. Za ta sauka a gidanmu mai ɗaki biyu, inda ni da mijina kaɗai muke zaune. Ni zan biya tikitinta na zuwa da komawa, da abincinta, da zirga-zirgarta, da inshorar lafiyarta, kimanin fam 1,480, daga ajiyata. Ita za ta biya kuɗin biza, ta kuma zo da kimanin fam 300 na kashewarta. Za ta koma Kano wurin mahaifina da ƙanwata da shagunanta. Na haɗa da takardu kaza da kaza. Ga lambar wayata."

Shafi ɗaya ya ishe ta. Kowace jimla a ciki tana da takardar da ke tsaya mata: shafin fasfon ɗiya da shaidar izinin zamanta, wanda yanzu na intanet ne tunda katunan izinin zama sun ƙare a ƙarshen 2024, takardar wurin aiki da na albashi, bayanin asusun banki, wanda aka saba ba da na wata shida ko da yake doka ba ta yanke adadi ba, yarjejeniyar haya ko takardar harajin ƙaramar hukuma mai ɗauke da adireshin, da takardar asibiti mai ranar haihuwa. Duk takardar da ba da Turanci ko yaren Wales aka rubuta ta ba, sai an haɗa ta da fassarar da mai fassara ya sa wa hannu.

Dangantaka tana buƙatar kulawa ta daban a wurinmu. Wadda ta riƙe ka tun kana yaye uwa ce, ko da ƙanwar mahaifiyarka ce ko abokiyar zamanta, kuma ba wanda zai ce maka ba haka ba a unguwa. Amma takardar haihuwarka daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa wani suna take ɗauke da shi, haka fom ɗin da ka cike ranar da ka nemi taka bizar, inda aka tambaye ka sunayen iyayenka, kuma yana nan a ajiye a wurinsu. Idan Inna ce ko Gwaggo, a rubuta ainihin yadda take, a ƙara da cewa ita ta rene ni. Doka ba ta ce sai uwa mahaifiya ba, dangantaka ta gaskiya ta ce, ko aboki ma yana iya gayyata. Amma kiran goggo mahaifiya a takarda yana iya zama bayanin ƙarya a idon jami'i, kuma wanda aka samu da yaudara ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10. Haka nan bambancin rubutun suna, a ce fasfo ya ce Hauwa'u, takardar haihuwar ɗiya ta ce Hauwa ko Kulu, a yi masa layi ɗaya na bayani da takardar rantsuwar kotu. A wasiƙa kuwa, sunan da ke fasfo za a kwafa harafi da harafi.

Wani abin da ba ya aiki shi ne rantsuwa. "Na yi alƙawari, na kuma tsaya mata, za ta dawo" ba ta da nauyi, domin ɗiya ba ta da ikon da za ta sa uwarta a jirgi. Hujjar komawa daga gefen baƙo take fitowa: takardar fansho, takardun shaguna, shaidar aure, rajistar autarta a jami'a, da tsoffin tafiye-tafiye. Hajiyar da ta je Hajji da Umara ta dawo a kan lokaci tana da tarihi a fasfonta, a nuna shi. Sai dai mai masauki ya sani sunansa na shiga rajista. Idan wanda ya gayyata a baya ya maƙale bai koma ba, za a duba wannan ranar da ya sake gayyatar wani. Saboda haka wanda aka roƙa ya rubuta wa ɗan maƙwabcin da bai sani ba wasiƙa, albarkacin zumunci, ya tuna da mahaifiyarsa da zai so ya kawo baɗi.

Idan ba Birtaniya ba ce

Kada a ɗauki wannan tsari a kai shi ko'ina. A Faransa, wadda mutanen Nijar da Kamaru da Chadi suka fi sani, wasiƙar hannu ba ta wadatar ga baƙon da zai sauka a gidan wani. Mai masauki zai je ofishin magajin garinsu da takardun gida da na samu, ya biya yuro 30, a ba shi takardar da ake kira attestation d'accueil, ya aika wa baƙon ainihinta ba kwafi ba. A Jamus abin ya fi tsanani. Mai ɗaukar nauyi yana zuwa ofishin kula da baƙi ya sa hannu a Verpflichtungserklärung kan yuro 29, kuma wannan sa hannun bashi ne a kansa: sashe na 68 na dokar zaman baƙi ya ɗora masa biyan duk abin da gwamnati ta kashe wa baƙon na ci da masauki da magani har tsawon shekara biyar, ga kuma kuɗin mayar da shi gida idan ta kai ga haka. Ƙasashen biyu suna cikin yankin Shengen, inda zaman baƙo ba ya wuce kwana 90 cikin kowane 180, kuma inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 wajibi ce. Amurka kuma ta tsaya a ɗaya ƙarshen: ma'aikatar harkokin wajenta ta ce wasiƙar gayyata ba ta cikin abin da ake buƙata, mai nema ne zai gamsar da jami'i baki da baki cewa zai koma gida.

A Birtaniya, idan amsa ta zo da ƙi, takan zo da takarda mai bayyana dalili da lambar sakin layin da aka dogara da shi, galibi wani reshe na V 4.2. A mafi yawan lokuta babu ɗaukaka ƙara. An soke wannan dama ga masu ziyarar dangi tun 2013. Abin da ya rage shi ne a sake nema a sake biya, kuma babu wa'adin jira. Kuskuren da ake yi shi ne a mayar da takardun nan dai da wasiƙar nan dai, ko a sauya labari gaba ɗaya, wanda ya fi muni tunda tsohon yana hannunsu. A ɗauki takardar ƙin a bi ta jimla jimla. Idan ta ce ba a san asalin kuɗin da ya shiga ranar kaza ba, a kawo shaidarsa. Idan ta ce tsawon zama bai dace da halin mai nema ba, a rage shi ko a kawo dalili. Sabuwar wasiƙar ta ambaci cewa an taɓa ƙi, ta kuma nuna abin da aka gyara.

Idan kuma biza ta fito, aikin wasiƙar bai ƙare ba. Jami'in filin jirgi yana da ikon sake tambaya, har ya hana shiga idan amsar ta saɓa wa abin da aka rubuta. Hajiya ta riƙe kwafin wasiƙar a jakar hannu tare da tikitin komawa, ba a cikin akwatin da aka auna da daddawa da kuka ba. Kafin ta tashi, ɗiyar ta karanta mata abin da ke ciki da Hausa, ta san ranar komawarta, ta san sunan garin da za ta, ta san wa ya sayi tikiti. Idan ba ta jin Turanci tana iya neman tafinta. Ita kuma ɗiyar ta bar wayarta a kunne daga lokacin da jirgi ya sauka, domin lambar da ta rubuta a ƙasan wasiƙar ita za a kira.